Naira 24,000, shinkafa da gero: yadda ake gano sayayyar da ta fi dacewa da mai saye

Duk wanda ya zauna ajin tattalin arziki, ko a babbar sakandare ne ko a shekarar farko ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya san zanen nan. Miƙaƙƙen layi ya gangaro daga hagu zuwa dama, ga lanƙwasassun layuka uku, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, na tsakiyar kuma ya shafi miƙaƙƙen a wuri guda tak. Malami ya ɗiga alli a wurin, ya ce a nan ne mai saye ya fi samun biyan buƙata, ɗalibai su kwafe. Abin da ke damuna shi ne da yawa cikinsu sun iya zana hoton har da kwalliya, amma in ka ba su farashi biyu da kuɗin da ke hannun mutum ka ce su fitar da mudu nawa zai saya, sai su tsaya cak. In kuma sun fitar, ba za su iya faɗa maka dalilin da ya sa wurin shafar ya fi wurin da layukan suka ratsa juna ba. Alhali dalilin ba wani mai nisa ba ne, duk matar da ta taɓa riƙe kuɗin cefane ta san shi ko da ba ta taɓa ganin zanen ba.

Zan ɗauki gida guda in bi lissafinsa har ƙarshe. Farashin da zan yi amfani da shi na misali ne, na zaɓe shi don lissafi ya fita ba tare da ɓurɓushi ba. Wanda ya je Babbar Kasuwa ko Tsohuwar Kasuwa a Sakkwato yau zai tarar da wani farashin, kuma hanyar ba za ta canza ba.

A ce wani malamin firamare ne a Mabera. Bayan ya cire kuɗin haya, da na man babur, da na makarantar yara, da na kayan miya, abin da ya ware wa hatsi a wata shi ne naira 24,000. Abu biyu gidansa ke saye: shinkafa, mudu naira 3,000, da gero na fura da kunu da tuwo, mudu naira 1,000. In muka kira mudun shinkafa x, mudun gero kuma y, duk sayayyar da za ta cinye kuɗin daidai, ba saura ba bashi, tana cikin wannan:

```
3000x + 1000y = 24000
```

Wannan shi ne layin kasafi. In ya zuba kuɗin duka a shinkafa zai samu mudu 8, ba gero ko ƙwaya. In ya zuba duka a gero zai samu mudu 24. Tsakanin waɗannan baki biyu akwai shinkafa 2 da gero 18, akwai 4 da 12, akwai 6 da 6. Duk abin da ke ƙarƙashin layin zai iya saye har canji ya rage, duk abin da ke samansa ya fi ƙarfin aljihunsa.

Amma bakin layin ba shi ne abin lura ba, gangarensa ne. Duk lokacin da malamin ya ce a ƙaro masa mudun shinkafa ɗaya, mudun gero uku sun tafi ke nan, domin naira 3,000 ɗin da zai biya ita ce kuɗin gero mudu uku. Kasuwa ta yanke masa musaya, uku a bakin ɗaya, kuma ba ruwanta da ko yaransa sun fi son shinkafa ko uwargida ta fi iya tuƙa tuwon gero. Ko yana da mudu ɗaya na shinkafa ko yana da bakwai, musayar kasuwa uku ce. Shi ya sa layin ya miƙe bai lanƙwasa ba. Kuma a kula, kuɗin da ke hannunsa ba su shiga wannan musayar ba ko kaɗan. In an ƙara masa albashi layin zai matsa gaba ɗungurungum, gangarensa yana nan yadda yake. Farashi ne kawai ke karkata shi.

To wannan ɓangaren kasuwa ke nan. Ɗaya ɓangaren na cikin gida ne, kuma a nan ne ake yawan ɓata.

Gidan ma yana da tasa musayar. In ka tambayi uwargidan malamin, "Hajiya, in na ba ki ƙarin mudun shinkafa, gero nawa za ki iya sallama mini ba tare da kin ji an ƙware ki ba?", amsarta za ta dogara da abin da ke cikin ɗakin ajiyarta a lokacin. In gero ya cika buhu, shinkafa kuwa mudu biyu ce kacal ga Juma'a tana zuwa ga baƙi, za ta sallama gero mai yawa ba tare da ta waiwaya ba. In shinkafa ce ta yi yawa, geron kuma bai kai a dama kunun safe har ƙarshen wata ba, ko mudu ɗaya za ta ba ka sai da kyar. Abin da ya yi ƙaranci a hannunka shi ke ƙara daraja a idonka. Wannan ne ya sa layin gamsuwa, wato lanƙwasasshen layin nan na cikin zanen, ya lanƙwasa: tsaye yake ƙiƙam ta wajen da gero ya yi yawa, ya kwanta ta wajen da shinkafa ta yi yawa.

Layin gamsuwa ɗaya yana haɗa duk sayayyar da gidan ba ya fifita ɗaya a kan ɗaya. Don mu iya lissafi, sai mu ba gidan nan ƙa'ida mai sauƙi, mu ce gamsuwarsa ita ce shinkafa sau gero:

```
U = x · y
```

Da wannan ƙa'idar, shinkafa 2 da gero 18 sun ba da 36. Shinkafa 3 da gero 12 ma 36. Haka 4 da 9, haka 6 da 6. Duka huɗun a layi ɗaya suke, gidan ba zai zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Dubi yadda geron da ake sallamawa ke raguwa: daga shinkafa 2 zuwa 3 an bar mudu 6, daga 3 zuwa 4 an bar mudu 3 kawai, daga 4 zuwa 6 kuwa mudu ɗaya da rabi ne a kan kowane mudun shinkafa.

Kada lambar 36 ta ruɗi kowa. Babu sikelin da ake ɗora jin daɗin mutum a kai. Francis Edgeworth ne ya fara zana irin waɗannan layuka a 1881, sannan Vilfredo Pareto a 1906 ya nuna cewa ba a buƙatar auna gamsuwa kamar yadda ake auna hatsi, ya isa a san wanne mutum ya fi so tsakanin abu biyu. John Hicks da Roy Allen a 1934 suka gina darasin a kan musayar nan da muke magana, kuma tsarinsu ne ake koyarwa har yanzu. Saboda haka in wata sayayya ta ba da 48 wata ta ba da 36, abin da muka sani shi ne ta farkon ta fi. Ba mu da hurumin cewa ta fi da kashi kaza. Da za ka ninka duk lambobin sau goma, amsar da za mu fitar ba za ta motsa ba.

Yanzu a haɗa ɓangarorin biyu. Mu fara da sayayyar da ta cinye kuɗin amma ba ita ce mafi kyau ba, domin ta nan ne dalilin ke fitowa fili.

A ce malamin ya sayo shinkafa 2 da gero 18. Kuɗi sun ƙare daidai, 6,000 da 18,000. Mece ce musayar gidan a wannan wurin? In aka ƙara mudun shinkafa ɗaya, gamsuwa za ta tashi daga 36 zuwa 54, ƙarin 18 ke nan, wato adadin geron. In gero aka ƙara mudu ɗaya, za ta tashi daga 36 zuwa 38, ƙarin 2, wato adadin shinkafar. Ashe a wannan wurin shinkafa ta ninka gero daraja sau tara a idon gidan. Wannan rabon, y bisa x, shi ne abin da littattafai ke rubutawa MRS, kuma shi ne gangaren layin gamsuwa a daidai wurin. Gida yana ganin shinkafa ta kai gero tara, kasuwa kuma uku kawai take nema. Duk mai hankali zai karɓi wannan cinikin. Ya mayar da gero uku ya karɓo shinkafa ɗaya, ya koma 3 da 15, gamsuwa ta tashi zuwa 45 ba tare da ya ƙara ko sisi ba.

Wani zai lura cewa ɗazu na ce daga shinkafa 2 zuwa 3 gero 6 aka bari, yanzu kuma na ce tara. Duka biyun daidai ne. Tara ita ce musayar a kan ɗan ƙaramin ƙari, kamar cikin tafin hannu, a daidai wurin da ake tsaye. Kafin a cika mudu guda darajar shinkafar ta riga ta fara sauka, shi ya sa jimillar ta tsaya a shida.

Ta ɗaya gefen kuma, a ce ya sayo 6 da 6. Nan ma kuɗi sun ƙare, 18,000 da 6,000, gamsuwa 36. Musayar gidan a nan ɗaya ce bisa ɗaya: mudun shinkafa bai fi mudun gero ba a idonsu, tunda geron ya yi ƙaranci. Kasuwa kuwa tana cewa in ka bar shinkafa ɗaya za ta ba ka gero uku. Wannan ma riba ce a fili. Ya koma 5 da 9, gamsuwa 45.

Waɗannan wurare biyu, 2 da 18, da kuma 6 da 6, su ne inda layin gamsuwa na 36 ya ratsa layin kasafi. Kuma duk inda layi ya ratsa, to wani sashensa ya shiga ƙarƙashin layin kasafi. Ga shaida: shinkafa 3 da gero 12 suna ba da 36 ɗin nan dai, amma kuɗinsu naira 21,000 ne. Wanda ya kashe 24,000 ya samu abin da 21,000 za ta iya ba shi, ya yi asarar 3,000 ke nan ko da bai ji a jikinsa ba. Wannan ita ce amsar tambayar da ɗalibai ke kasa amsawa.

Daga hagu muna matsowa, daga dama muna matsowa. Ina za a tsaya? Sai inda babu sauran cinikin riba, wato inda musayar gida ta yi daidai da ta kasuwa, farashin shinkafa Px bisa farashin gero Py:

```
MRS = Px / Py
y / x = 3000 / 1000 = 3
y = 3x
```

Wannan bai ba mu amsa ba tukuna. Ya faɗa mana tsari ne kawai, cewa gero ya ninka shinkafa sau uku. Shinkafa 3 da gero 9 sun cika wannan sharaɗin, amma kuɗinsu 18,000, an bar 6,000 a aljihu ba dalili. Shinkafa 5 da gero 15 ma sun cika shi, amma kuɗinsu 30,000, malamin ba ya da su. Dole a mayar da tsarin cikin layin kasafi:

```
3000x + 1000(3x) = 24000
6000x = 24000
x = 4,  y = 12
```

Shinkafa mudu 4, gero mudu 12, naira 12,000 kowanne, gamsuwa 48. A nan ƙarin mudun shinkafa zai kawo 12, ƙarin mudun gero zai kawo 4, rabonsu uku daidai. Ta wata fuskar: naira dubu ta ƙarshe da aka sa a gero ta kawo 4, naira dubu ta ƙarshe da aka sa a shinkafa ta sayi sulusin mudu, sulusin 12 kuwa 4 ne. Duk inda ka ɗauke dubu ka mayar ɗaya wurin, ba ka ƙaru ba. Ni a ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa a riƙe darasin da ita, domin ko an manta zanen ba a manta wannan.

Dubi kuma sauran wuraren da ke kan layin gamsuwa na 48. Shinkafa 3 da gero 16 kuɗinsu 25,000. Shinkafa 6 da gero 8 kuɗinsu 26,000. Shinkafa 8 da gero 6 kuɗinsu 30,000. Duka sun fi ƙarfin malamin, sai 4 da 12 kaɗai. Kamar ƙwarya ce aka ajiye a kan allo, gindinta ne kawai ke taɓa katakon, sauran jikinta ya ɗaga sama ta kowane gefe. Layin da ke sama da wannan kuwa, a ce na 60, babu inda ya taɓa layin kasafi: 5 da 12 kuɗinsu 27,000, haka 4 da 15.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa a takardun jarrabawa shi ne juya rabon farashi. Ɗalibi ya rubuta y bisa x daidai yake da 1,000 bisa 3,000, sai ya samu shinkafa 7.2 da gero 2.4. In ya duba kasafi zai ga kuɗin sun tashi 24,000 cif, sai hankalinsa ya kwanta. Amma gamsuwar wannan sayayyar ba ta wuce 17.28 ba, ko rabin 48 ba ta kai ba. Cika kasafi ba shaida ba ce, tunda duk wurin da ke kan layin yana cika shi. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a duba maƙwabta: ka matsa mudu ɗaya hagu, ka matsa mudu ɗaya dama, a kan layin kasafi. In ɗaya daga cikinsu ya fi amsarka, amsarka ba daidai ba ce. A wajen 4 da 12, maƙwabtan biyu 45 ne da 45. Wannan gwajin ba ya cin minti ɗaya, kuma yana kama wani abin da ya fi juya rabo haɗari: in son mutum na mai tsananin gefe ɗaya ne, wanda ya fi son abu guda zalla a kan gauraye, layin gamsuwarsa ta ɗaya wajen yake lanƙwasa, kuma wurin shafar zai zama mafi munin sayayya a kan layin, ba mafi kyau ba.

Akwai wani abu da nake so a tsaya a kansa, domin yana da zurfi fiye da yadda ake zato. A ce maƙwabcin malamin, kuɗinsa 24,000 shi ma, amma gidansa ya fi karkata ga shinkafa. Mu ba shi ƙa'idar x² · y. Musayarsa za ta zama 2y bisa x. In aka daidaita ta da uku, y ya zama 1.5x, kasafi kuma ya ba da shinkafa mudu 5 da sulusi, gero mudu 8. Ya kashe 16,000 a shinkafa, 8,000 a gero. Jakar da ya ɗauko daga kasuwa ta bambanta da ta malamin. Amma ka tambayi kowannensu mudun shinkafa na gaba gero nawa ya kai a wurinsa, dukansu uku za su ce. Kowa ya ci gaba da saye har sai da darajar da yake ba abin ta sauko ta haɗu da farashi. Mai son shinkafa ya yi nisa kafin ya iso, wanda bai damu da ita ba ya iso da wuri, amma wuri ɗaya suka tsaya. Farashin da mai awo ya faɗa a rumfarsa, ashe, ya zama ma'aunin da duk masu sayen abu biyun suka daidaita kansu da shi ba tare da sun san juna ba.

Mai awo dai ba ya auna sulusin mudu. In ana sayar da rabi, maƙwabcin zai ɗauki biyar da rabi na shinkafa da bakwai da rabi na gero, kuɗinsu 24,000. In sai cikakken mudu, 5 da 9 ne. Lissafi ya nuna unguwar da amsar take, gwajin maƙwabta ya nuna ƙofar gidan.

Farashi kuma ba ya zama wuri ɗaya. Duk Basakkwace ya san hatsi na sauka da kaka, ya hau in damina ta yi nisa rumbuna sun yi ƙasa. A ce shinkafa ta koma 4,000, gero da kuɗin malamin suna nan. Bakin layin ta wajen gero yana nan a 24, ta wajen shinkafa ya dawo daga 8 zuwa 6, musayar kasuwa ta koma huɗu. Sai y ya zama 4x, kasafi ya ba da shinkafa 3 da gero 12, gamsuwa ta sauko 36. Albashinsa bai ragu ba amma ya talauce. Za a ga geron bai motsa daga 12 ba, kuma wannan ba dokar duniya ba ce. Ƙa'idar x · y ce ke da wannan halin na raba kuɗi biyu daidai ko yaya farashi yake. Abubuwa biyu ne suka ja geron: tsadar shinkafa ta tura gidan wajen gero, raguwar ƙarfin kuɗi kuma ta ja shi baya, a wannan misalin sai suka kashe juna. A gidan gaske ɗaya na iya rinjayar ɗaya, kuma a gidan da ke ganin gero abincin lallaɓa rayuwa ne, geron ƙaruwa zai yi. In kuwa komai ya ninka tare, farashi biyun da kuɗin hannu, layin bai gusa ba, sayayyar ma ba za ta gusa ba. Abin da ke cin ma'aikaci shi ne farashi ya ninka albashi yana tsaye.

Saura wuraren da shafar ba ta aiki, kuma ba kaɗan ba ne.

Na farko, in abu biyun ɗaya ne a wurin mai saye. Mai sana'ar kunu da ba ta bambanta gero da dawa, mudu a bakin mudu, layin gamsuwarta miƙaƙƙe ne, musayarta kullum ɗaya. In gero 1,000 ne dawa 800, babu wurin da musayarta za ta yi daidai da ta kasuwa. Dawa za ta saya da kuɗin duka. Ranar da dawa ta fi gero tsada, ta juya gaba ɗaya. Na biyu, in abu biyun tare ake shan su a kan gwargwado guda. Wanda ba ya shan fura sai dunƙule ɗaya da ludayin nono biyu, ƙarin nono ba fura bai ƙare shi da komai ba. Layinsa kusurwa ce da shi, kusurwa kuwa ba ta da gangare guda da za a daidaita. In dunƙule 200 ne ludayi 150, damu ɗaya 500 ke nan, naira 2,000 ta ba shi dunƙule 4 da ludayi 8. An gama, ba a nemi MRS ba.

Na ukun shi ne wanda na fi so, domin a nan ne lissafin ke faɗa maka abin da ba ka tambaye shi ba. Ɗauki manomin fadama, irin na Kwalkwalawa ko Wurno, wanda ke da mudu 10 na shinkafar da ya noma a ɗaki. Kuɗin hatsinsa 24,000, farashi yadda muka fara, son ransa irin na malamin. Bambancin kawai shi ne shinkafar da zai ci ita ce wadda ya saya haɗe da gomar da yake da ita:

```
U = (x + 10) · y
y / (x + 10) = 3
3000x + 1000(3x + 30) = 24000
x = -1
```

Amsa ta fito ƙasa da sifili. Ɗalibi zai ɗauka ya yi kuskure, ya goge ya sake, ya sake samun abin da ya samu. Bai yi kuskure ba. Ba a iya sayen abin da bai kai babu ba, don haka wurin shafar yana wajen filin da mai saye ke iya taka, kuma amsar tana bakin layi: shinkafa babu, gero mudu 24, gamsuwa 240. A duba a tabbatar. A wannan bakin musayar manomin 24 bisa 10 ce, wato 2.4, kasuwa kuma tana neman 3. Shinkafar kasuwa ta fi tsadar da yake ba ta, ko mudun farko bai cancanci saye ba. In ya saya ɗaya zai koma 11 da 21, gamsuwa 231, ya yi ƙasa. Ƙa'idar bakin layi ke nan: ba a buƙatar musayar biyu su daidaita, ya isa a ce darajar da kake ba abin da ba ka saya ba ta gaza farashinsa.

Amma ɗaya ɗin nan da ta fito ƙasa da sifili tana da ma'ana. Cewa take ya sayar da mudu ɗaya daga nasa. In zai samu 3,000 a kansa, ya ƙara gero uku, ya koma shinkafa 9 da gero 27, gamsuwa 243, ya ɗan fi 240. Sai dai duk wanda ya taɓa kai amfanin gona kasuwa ya san farashin da ake sayar maka daban, wanda ake saye a hannunka daban. Ya kai mudun, ɗan kasuwa ya zuba a tafi ya duba ya ce, "Malam, dubu biyu da ɗari biyu zan ba ka, ka san sai na ci wani abu a kai." In ya sallama a haka, gero 2.2 zai samu, ya koma 9 da 26.2, gamsuwa 235.8, ƙasa da inda yake. Saboda haka "albarka" ita ce amsar da ta dace, ya mayar da shinkafarsa gida.

Layin kasafin wannan manomin ba miƙaƙƙe ba ne, ya karye a daidai mudu goman da yake da su. Ta wajen saye gangarensa 3, ta wajen sayarwa 2.2, musayar ransa kuma 2.4 ta faɗa tsakani. Muddin tana tsakanin lambobin nan biyu, ba zai saya ba, ba zai sayar ba. Farashin rumfa zai iya sauka daga 3,000 zuwa 2,600 bai sayi ko gwangwani ba, wanda ake taya masa zai iya hawa daga 2,200 zuwa 2,350 bai buɗe buhunsa ba. Sai in farashin rumfa ya faɗi ƙasa da 2,400 zai fara saye, ko in tayin ɗan kasuwa ya haura 2,400 ya fara fitar da kaɗan, kuma kafin cikakken mudu ya cancanci fita sai tayin ya kai wajen 2,670.